Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Tsananta Bin Bashi Ba Tare da Na Rasa Abokin Ciniki Ba?

TAMBAYA

Ina da ƙaramar maɗaba'a a Kano, ni da yarana huɗu. Akwai wata makaranta mai zaman kanta da muka shekara shida muna hulɗa da ita. Ni nake buga musu littattafan rubutu masu ɗauke da sunan makaranta, da katin sakamako, da takardun jarrabawa. A farkon wannan zangon na yi musu aikin naira 1,860,000. Sun ba da kafin alƙalami na 600,000, saura 1,260,000, muka yi da su za a biya cikin kwana talatin. Na kai kaya ranar 8 ga Satumba, wa'adi ya cika ranar 8 ga Oktoba, yau kwana arba'in ke nan da cikarsa ban ga ko sisi ba. Na tura wa ma'ajin makarantar saƙo sau shida ta WhatsApp, kullum amsarsa ita ce "in sha Allahu ana kai." Mai ba ni takarda ya fara matsa mini lamba. Shekaranjiya na rubuta wani saƙo mai zafi, da na sake karantawa sai na goge, domin Hajiya mai makarantar mutuniyar kirki ce, har sunan ɗana ta zo. Ga shi kuma ƙarshen watan nan za su kawo aikin jarrabawa. Yaya zan nuna musu cewa da gaske nake ba tare da mun ɓata ba?

Daga wani mai maɗaba'a, Kano.

AMSA

 Malam, ka kyauta da ka goge saƙon nan. Amma kada ka ɗauka zaɓinka biyu ne kawai, ko lallashi ko faɗa. Masu ƙananan sana'o'i da yawa a nan suke maƙalewa: su yi ta tura saƙo iri ɗaya mai taushi har wata biyu, ran da haƙuri ya ƙare kuma su fashe gaba ɗaya. Wanda ake bi bashin sai ya ga jiya ana gaishe shi da fara'a, yau ana kiransa macuci, bai ga abin da ya shiga tsakani ba. Daga nan maganar ta tashi daga kuɗi ta koma ta cin mutunci, kuma wanda yake jin an ci mutuncinsa ya samu hujjar ƙin biya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan. A jerin saƙonnin tuni, ladabi ba ya raguwa daga na farko har na ƙarshe. Gaisuwar da ka buɗe saƙon farko da ita, da ita za ka buɗe na biyar. Abubuwa huɗu ne suke hawa. Na farko, yadda kake ƙayyade magana: daga "a duba mana" zuwa adadi da rana. Na biyu, hanyar isar da saƙon: daga WhatsApp zuwa kiran waya, zuwa takarda mai hatimi da aka kai hannu da hannu. Na uku, matsayin wanda kake magana da shi: daga ma'aji zuwa mai makaranta. Na huɗu, abin da zai biyo baya idan ba a biya ba: da farko babu, daga baya ka ambata shi, daga ƙarshe ka aikata shi. Idan waɗannan huɗun suna hawa a hankali, ba ka bukatar kalma ɗaya mai zafi, mai karatu zai ji nauyin yana ƙaruwa da kansa.

Da wannan ma'aunin, saƙonninka shida saƙo ɗaya ne aka maimaita. Duk ga mutum ɗaya suka je, ta hanya ɗaya, kuma ina kyautata zaton babu wanda ya nemi a faɗi rana. Ma'ajin ya riga ya gane cewa "ana kai" tana saya masa mako guda, kuma ba ta jawo masa komai.

Tun kafin wa'adi ya cika

Bari in shimfiɗa maka yadda jerin yake tun daga tushe, sannan in nuna maka inda za ka shiga yanzu. Saƙon da ya fi kowane sauƙi shi ne wanda ake turawa kafin ranar biya, kamar kwana biyar kafin ta, lokacin da babu wanda ya yi laifi tukuna. A naka, da ranar 3 ga Oktoba ce:

"Salamu alaikum Malam, da fatan an tashi lafiya. Ina so in tabbatar takardar kuɗin aikin littattafai mai lamba 214 ta iso teburinka. Ragowar 1,260,000 ce, wa'adinta 8 ga Oktoba. Idan akwai wata takarda da ake bukata daga wajena kafin a fitar da kuɗin, a sanar da ni in kawo."

Amfanin wannan saƙon shi ne yana tono matsalar takarda tun da wuri. Bashin ma'aikata ko makaranta sau da yawa ba ƙin biya ke tsayar da shi ba. Wani lokaci takardar neman biyan tana aljihun wanda ya karɓi kaya, ba ta kai ofishin kuɗi ba. Wani lokaci babu sa hannun mai kula da sito a takardar shaidar karɓar kaya, ma'aji kuma ba zai gabatar da ita haka ba. Wani lokaci sun ƙirga littattafan sun ga katan ɗaya ya jiƙe, suna jiran ka zo a yi magana, babu wanda ya gaya maka. Duk waɗannan, zafin harshe ba ya warware su.

Mataki na farko: a ɗauka mantuwa ce

Kwana biyu ko uku bayan wa'adi, sai tuni na farko. Gajere ne, kuma yana ba mutum ƙofar fita da mutuncinsa:

"Salamu alaikum Malam. Tuni ne a kan takarda mai lamba 214, ragowar 1,260,000, wadda wa'adinta ya cika ranar 8 ga Oktoba. Na duba asusu ban ga shigowarta ba. Idan an riga an tura, a taimaka mini da shaidar turawa in bincika a banki. Ga hoton takardar da lambar asusu na sake haɗowa. Na gode."

Lura da abin da ke ciki: lambar takarda, adadi, ranar wa'adi, da lambar asusu. Waɗannan huɗun kada su ɓace a kowane saƙo har na ƙarshe, domin kada wani ya ce "bari in nemo takardar." Lura kuma da abin da babu. Babu "don Allah a yi haƙuri da damun da nake yi," babu "in da hali." Kai ne ka yi aiki ka kai kaya, neman haƙƙinka ba damu ba ne. Wanda ya buɗe saƙonsa da ban haƙuri ya gaya wa mai karatu cewa biyan alfarma ce, alfarma kuwa ana yin ta ne ran da aka ga dama. Haka nan kada ka sa labarin mai takarda da ke matsa maka a rubuce. Idan ka jingina biyan da matsuwarka, ran da suka ga ka sayi sabon inji sai su ɗauka matsuwar ta wuce.

Mataki na biyu: a nemi rana

Bayan mako guda babu biya, sai ka bar rubutu ka kira waya, ko ka taka da ƙafarka. Wannan matakin yana da manufa ɗaya tak: ka fito da rana da adadi daga bakinsu. Tambayar "yaushe za a biya?" tana haifar da "nan ba da jimawa ba." Ka yi tambayoyin da ba a amsa su da "ana kai": Takardar tana hannun wa yanzu? Hajiya ta sa hannu? Akwai wani abu a aikin da ba ku gamsu da shi ba? Wace rana ce kuke fitar da kuɗin masu kawo kaya? Idan ya ce in sha Allahu mako mai zuwa, ka ce: "Allah ya yarda. Wace rana a ciki zan rubuta, Talata ko Alhamis? Duka ne ko wani ɓangare?" Ka yi shiru ka bar shi ya amsa.

Da ka ajiye waya, a cikin awa guda, ka tura abin da aka yi a rubuce:

"Malam, na gode da lokacinka ɗazu. Kamar yadda muka yi, makaranta ta karɓi kaya cikakku babu ƙorafi, ragowar 1,260,000 ce, kuma za a tura ranar Alhamis mai zuwa. Idan na fahimci wani abu ba daidai ba, a gyara mini."

Wannan ɗan saƙon ya fi duk shidan da ka tura daraja. Ya mayar da maganar baki rubutacciya, kuma idan ya amsa da "haka ne," ka samu amincewarsu da bashin da adadinsa. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar shaidar da aka ciro daga na'ura idan an cika sharuɗɗanta, saboda haka kada ka goge waɗannan saƙonnin, kuma ka adana hotonsu a wani wuri ban da wayarka. Rubuta bashi kuma ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa ta sauka.

A wannan matakin ne za ka gane irin wanda kake bi, kuma sauran tafiyar ta dogara da wannan. Wanda takarda ta maƙale masa zai gaya maka inda ta maƙale, ya ce ka kawo kaza. Wanda ba shi da kuɗi yakan ɗauki waya, ya ji kunya, ya kawo dalili guda ɗaya da ba ya canzawa, kuma idan ka ce ya ba da wani abu yanzu sai ya ba da. Wanda yake da shi amma ya sa ka a ƙarshen layi, dalilinsa sabo ne kowane mako: yau Hajiya ta yi tafiya, gobe manhajar banki ta ƙi, jibi mai sa hannu na biyu ba shi da lafiya. Ba ya taɓa ba da ko kaɗan, kuma kana ganin ana fenti a makarantar. Addini ma ya raba su. Aya ta 280 a surar nan ta yi umarni da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya kira jan ƙafar mawadaci wajen biya zalunci. Mai ƙunci sauƙi ya kamace shi, mawadaci kuwa wa'adi. Kuskure ne ka yi musu magana da murya ɗaya.

Mataki na uku: takarda zuwa ga mai makaranta

Idan ranar da suka sa da bakinsu ta wuce, kada ka bari ta kwana biyu. Alkawarin da aka saɓa ba a ce komai ba, ya koya musu cewa na gaba ma haka zai wuce. Yanzu magana ta tashi daga ma'aji zuwa Hajiya, daga waya zuwa takarda mai ɗauke da sunan maɗaba'arka. Amma kafin ka haura, gaya wa ma'ajin: "Malam, tunda abin ya fi ƙarfin teburinka, zan rubuta wa Hajiya, zan kuma ba ka kwafi." Kada ka tsallake shi a ɓoye. Shi ne zai ci gaba da riƙe takardunka shekara da shekaru, kuma ma'ajin da aka kunyata a gaban uwar ɗakinsa ba ya mantawa. A takardar ma kada ka ɗora masa laifi. Ka jera abin da ya faru kawai.

Kai a nan za ka shiga, amma bayan ka yi kiran mataki na biyu a wannan makon, ka ba su kwana huɗu ko biyar. Mai yiwuwa ne ƙwarai Hajiya ba ta ma san bashin ya kai haka ba. Ga yadda takardar za ta kasance:

"Hajiya, ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto ne a kan takarda mai lamba 214 ta aikin littattafan rubutu da katin sakamako da muka kawo ranar 8 ga Satumba. Jimilla 1,860,000, an biya 600,000, saura 1,260,000, wadda wa'adinta ya cika ranar 8 ga Oktoba. Mun yi magana da ofishin kuɗi, aka sa rana, ranar ta wuce. Ina roƙon a biya ragowar zuwa ranar 28 ga Nuwamba. Idan biya gaba ɗaya zai yi wa makaranta nauyi a wannan lokacin, a shirye nake mu zauna mu raba shi kashi uku a rubuce. Ina kuma so in sanar da ke tun yanzu, domin kada ya zo miki ba zato: ba zan iya karɓar sabon aiki a kan bashi ba sai an daidaita wannan. Shekara shida muna tare, kuma burina mu ci gaba."

Ka kai da kanka, kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi. Ka nemi ganinta ita kaɗai, ba a gaban malamai ko iyayen yara ba. Dubi yadda muryar ta canza ba tare da kalma mai zafi ba. "A taimaka" ta koma "ina roƙon a biya zuwa ranar kaza." Ranar yanzu kai ka sa ta. Sakamako ya fito fili karo na farko. Zumuncin shekara shida ya zo a ƙarshe, a jimla ɗaya, a matsayin dalilin son a daidaita. Kada ka mayar da shi gori. Jimla irin "bayan duk abin da na yi muku" ita ce take kashe hulɗa, domin tana cewa mutumin butulu ne, kuma babu adadin kuɗin da zai biya ya wanke wannan.

Idan ta zaɓi rabawa, ka tsara shi da yadda kuɗi ke shigo wa makaranta. Makarantu masu zaman kansu suna samun kuɗi a makonnin farko na zango, sai kuma gab da jarrabawa lokacin da ake matsa wa iyaye su cika. Disamba wata ne na albashi da hutu, aljihunsu ba nauyi. Saboda haka maimakon kashi uku daidai wa daida, ka ce 500,000 ranar 28 ga Nuwamba, 260,000 ranar 19 ga Disamba, 500,000 ranar 23 ga Janairu bayan an koma zango na biyu. Jimilla 1,260,000 ke nan. Sharaɗi biyu: kashin farko ya shigo kafin ka taɓa wani sabon aiki, kuma a rubuta cewa idan aka saɓa kashi ɗaya, duk ragowar ta zama abin biya nan take. Tsarin da babu biyan farko a kusa, ƙarin wa'adi ne kawai aka yi masa ado.

Mataki na huɗu: ka aikata abin da ka faɗa

Aikin jarrabawar da ke tafe shi ne ƙarfinka, kuma ƙarfi ne na halal. A wasu ƙasashe, abin da ake hawa da shi a wannan matakin kuɗin ruwa ne a kan jinkiri. Birtaniya, misali, tana da dokar 1998 da ta ba ɗan kasuwa damar ɗora ruwa a kan bashin kasuwanci da aka jinkirta. Kai da Hajiya Musulmi ne, ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce, kuma ko a kotu abin da ba a yi yarjejeniya a kansa tun farko ba yana da wuyar samu. Abin da ke hannunka shi ne bashin gaba: kai ne mai bayarwa, kai ne mai hanawa.

To idan 28 ga Nuwamba ta zo babu biya babu tsari, suka aiko da takardun jarrabawa, amsarka ita ce:

"Hajiya, ranki ya daɗe. Aikin jarrabawa ya iso, kuma a shirye nake in yi shi a kan lokaci. Kamar yadda na rubuto a takardata, wannan karon sai an biya kuɗinsa kafin mu fara, tare da kashin farko na tsohon bashi, 500,000. Da zarar sun shigo za mu ɗora a inji a ranar."

Ba ka ce ba za ka yi ba, ka faɗi yadda za ka yi. Kuma ka sanar tun kwanaki kafin haka, saboda haka babu wanda zai ce ka yi musu kwanton ɓauna ana gobe jarrabawa. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka karɓi aikin shiru, ka buga, sannan ka riƙe takardun a daren jarrabawa. Za a iya biyanka a daren, amma shi ne aikinka na ƙarshe da su, kuma labarin zai zaga sauran makarantu.

Nan ne wurin da mutane suka fi faɗuwa. Idan ka rubuta cewa ba za ka karɓi sabon aiki a kan bashi ba, sannan Hajiya ta kira ta ce "haba Malam, kai da mu," ka karɓa, to duk takardar da za ka sake rubutawa ta zama iska. Saboda haka kada ka taɓa ambata matakin da ka san zuciyarka ba za ta iya ɗauka ba. Gara ƙaramin sakamako da za ka cika da babban da za ka janye. Ka kuma sani akwai yiwuwar su kai aikin wata maɗaba'a. Idan suna da kuɗin biyan wani a hannu amma ba su da na rage naka, ka samu amsar irin waɗanda kake bi.

A wannan matakin ne kuma ake sa mutum a tsakani. Wanda ya haɗa ku tun farko, ko wani dattijo da take jin nauyinsa, mutum ɗaya mai riƙe sirri. Ka gaya mata kafin ka je wurinsa. Manufar a samu wanda za a yi alkawari a gabansa, ba a tara mata jama'a ba.

Mataki na biyar: takardar ƙarshe

Idan an kai kamar wata biyu da rabi ko uku, babu biya, babu tsari, ko an yi tsarin an saɓa, sai takardar neman biya ta ƙarshe. Ita ce mafi gajarta da mafi sanyi a cikinsu duka. Gaisuwa, jerin ranaku da adadi, ambaton takardun da suka gabata, sannan: "Idan ba a biya 1,260,000 cikin kwana 14 daga ranar da aka karɓi wannan takarda ba, zan shigar da ƙara domin neman haƙƙina. Har zuwa ranar, ƙofata a buɗe take ga biya ko rubutaccen tsari." Ka rubuta ta da sunan makarantar kamar yadda yake a rajista, ba da sunan ma'aji ba.

Wannan ba barazanar banza ba ce, domin hanyar tana nan. Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, a ƙarƙashin kotunan majistare. An fara su da bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, mutum yana iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, kuma daga cikin sharuɗɗan shigar da ƙara akwai nuna cewa an riga an kai wa wanda ake bi takardar neman biya. Ka je wurin magatakarda ka karɓi fom ɗinsu na wannan takardar domin taka ta dace da tsarinsu. Kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron ƙarar bashi. Kada kuma ka bar bashi ya yi ta kwana da sunan kawaici, domin dokokin jihohi sun sa iyakar shekarun da za a iya kai ƙarar bashin ciniki, biyar ko shida gwargwadon jiha.

Abu biyu kada su shiga kowace takarda taka. Na farko, 'yan sanda. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan bashi yana iya tsintar kansa shi ake nema da diyya. Na biyu, tallata su: sa sunan makarantar a dandalin sada zumunta, ko faɗa wa iyayen yara a bakin ƙofa. Wannan yana iya jawo maka ƙarar ɓata suna, kuma yana cire wa mai bashin dalilinsa mafi girma na biya, wato tsare mutuncinsa. Wanda aka riga aka tona ba shi da sauran abin da yake karewa.

In an biya

Ran da kuɗi ya shigo, ko kashin farko ne, ka tura godiya da rasit a ranar, ka rubuta abin da ya rage. Idan an kammala, ka je ka gaishe da Hajiya, kada ka tayar da maganar jinkirin, kada kuma ka ba da haƙurin bin haƙƙinka. Sai lokacin aiki na gaba ka gyara sharuɗɗa, ka gabatar da su a matsayin tsarin maɗaba'a ga kowa da kowa: kafin alƙalamin da zai rufe kuɗin takarda da tawada gaba ɗaya, ranar biyan ragowa a rubuce da kwanan wata a jikin takardar, sa hannun wanda ya karɓi kaya, da ƙa'idar cewa ba a buɗe sabon bashi sai an rufe tsoho. A aikin nan an ba ka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa kuɗin mai takarda ya maƙale tare da ribarka. Idan kafin alƙalami ya biya kayan aiki, jinkiri zai taɓa ribarka ne kawai, kuma mutumin da ba a matsa masa ta baya ya fi iya rubuta takarda mai sanyi.

Saboda haka gobe da safe ka kira ma'ajin, ka fito da rana da adadi, ka tura masa a rubuce. Ka shirya takardar Hajiya tun yanzu ka ajiye, domin idan ranar ta wuce ka kai ta washegari. Allah ya warware, ya sa albarka a sana'a.